Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Mai Girma Kwamishinan Ilimi Mai Zurfi: a fito da fom ɗin tallafin karatu fili

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Ina da ɗan shagon kwamfuta a bakin makaranta, cike wa ɗalibai fom shi ne abincina. Makon jiya, ranar rufe neman tallafin karatu, wata yarinya ta shigo ido ya raina fata. Tun safe take laluben fom a shafin ma'aikatarku, datarta ta kusa ƙarewa. Na karɓi wayar muka ƙirga tare. Mun taɓa layukan nan uku na kusurwar sama, muka shiga Departments, sai Student Affairs, sai Downloads, sai Notices, sannan wata takardar PDF wadda adireshin fom ɗin ke can ƙasanta. Taɓawa bakwai kafin ta rubuta ko sunanta.

Tushen matsalar, ranka ya daɗe, an jera menu ɗin ne yadda ofisoshinku suke jere. Ma'aikacinku ya san tallafi yana ƙarƙashin sashen harkokin ɗalibai, amma ɗiyar manomi da ta zo daga ƙauye ina za ta sani? Ita buƙata ce ta kawo ta, don haka da sunan buƙatar ya kamata ta ga ƙofa. Abu biyar sun isa a sama: neman tallafi, duba matsayin takarda, ranakun buɗewa da rufewa, sharuɗɗa, sai tuntuɓa. Tarihin ma'aikata da hotunan taro su koma ciki, ba wanda zai rasa komai.

Akwai kuma abin da ba za a gani a kwamfutar ofis ba. Ƙananan rassan menu ɗinku sai an ɗora linzami a kansu suke buɗewa, ita kuwa waya ba ta da linzami. Shi ya sa yarinyar ta yi ta dannawa tana komawa inda ta fito. A sa su buɗe da taɓawa, a ba kowane layi tsayin da babban yatsa zai sauka a kai ba tare da ya haɗa da na kusa ba. Maɓallin neman tallafi kuma ya zauna a fili, kada a ɓoye shi bayan layuka uku.

Ƙasan shafi nan ne wanda ya ɓace yake gangarawa. Naku tambari ne kawai da shekara. A sa lambar waya mai shiga, adireshin ofis, lokutan aiki, a kuma maimaita hanyar fom.

Roƙona, kafin a buɗe na baɗi, a samo ɗalibai biyar da ba su taɓa shiga shafin ba, a ce kowa ya nemo fom a wayarsa, kada a taya shi. A ƙirga taɓawarsa, a lura da inda ya yi turus. Duk sunan da mutum biyu suka tsaya a kansa, a sauya shi. In ana son wurin gwaji, shagona a buɗe yake.

Naka cikin girmamawa,
Wani mai shagon kwamfuta