Gyara kan darasin Turanci: wakilin suna tsakiya yake shiga

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina koyar da Turanci a wata makarantar sakandare a nan Katsina, kuma ina cikin masu yanke shafinku na koyon Turanci su kai wa ɗalibai aji. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne darasin makon jiya, wanda ya yi bayani kan aikatau masu tafiya da 'yar kalma a bayansu, irin su pick up da turn off da put on. A ajina wutsiya muke kiran wannan 'yar kalma, kuma da sunan zan ci gaba a nan.

Malamin shafin ya ce mutum yana da zaɓi, ya sa karɓau kafin wutsiyar ko bayanta, duk ɗaya ne. Ya kawo misali da "Turn off the radio" da "Turn the radio off". Misalan biyu daidai ne, amma maganar ba ta cika ba, kuma abin da aka bari shi ne yake kayar da yara. Kwana biyu da fitowar jaridar, wata ɗaliba mai ƙoƙari ƙwarai ta rubuta mini "My pen fell down and I picked up it". Da na ja mata layi sai ta ce ai a jarida ta karanta cewa ko'ina aka sa ya yi. Abin ya dame ni, don ba sakaci ta yi ba, amfani ta yi da abin da aka koya mata.

Zaɓin nan na suna ne kawai. Da zarar an cire sunan an sa wakilinsa, wato me, you, him, her, it, us ko them, to wuri ɗaya ya rage: tsakanin aikatau da wutsiya. "I picked it up." "Turn it off." "Wake me up." "Put them on." Haka ma irin su yourself, shi ya sa ake cewa "Pick yourself up".

Na daɗe ina lura da inda kuskuren yake fito wa Bahaushe. Mun haddace pick up a matsayin kalma guda, ma'anarta ɗauka. A Hausa wakilin suna manne yake da aikatau, muna cewa ɗauke shi, kashe ta, tashe ni. Sai yaro ya jera pick up, ya liƙa it a baya, yana ganin ya yi daidai. To amma Hausar da kanta tana da abin da zai taimake mu. Muna cewa na ɗauki biro, amma na ɗauke shi. Na sayi riga, na saye ta. Babu Bahaushen da zai ce na sayi ta, ko da bai taɓa shiga ajin nahawu ba. Ke nan kunnenmu ya riga ya saba da cewa suna da wakilinsa ba hukunci ɗaya suke ɗauka ba. Mu ƙarshen aikatau muke canzawa, Bature kuma wurin zaman kalmar yake canzawa. Duk lokacin da na fara darasin daga nan, nakan ga aji ya natsu.

Akwai kuma dalili a cikin Turancin. Bature yana son ajiye sabon bayani, mai nauyi, a ƙarshen jimla, inda murya take faɗawa da ƙarfi. Wakilin suna kuwa tsohon zance ne, an riga an ambaci biron kafin a ce it, don haka ba a danna shi da murya. Sai ya shige tsakiya, a bar wa wutsiya ƙarshen. Faɗi "pick it UP" da ƙarfi ka ji inda nauyin ya sauka. Wannan dalilin ne kuma yake tura dogon karɓau zuwa ƙarshe: "She picked up the book I bought for her in Kano". Idan aka jinkirta up har bayan Kano, mai sauraro ya manta da aikatau ɗin da take biye da shi.

Sai dai ina roƙon kada gyaran ya haifi wani kuskuren. Na taɓa jaddada ƙa'idar nan sosai, washegari wani yaro ya kawo mini "My aunt looked me after". Ba kowace 'yar kalma da ta biyo aikatau ce wutsiya ba. A look after, look for, wait for da listen to, kalmar ta biyu jagorar karɓau ce, dole ta gabace shi, suna ne ko wakili: "look after him", "wait for me".

Yaya za a bambanta? Gwajin da nake ba ɗalibai shi ne su mayar da cikakken suna su gwada sa shi tsakiya. Ɗauki take off, cire takalmi. "Take your shoes off" ta zauna, saboda haka wakili ma tsakiya zai shiga, "Take them off". Yanzu gwada look after. "Look the baby after" ba Turanci ba ne, ke nan sai "look after her". Gwajin yana da iyaka, don yana buƙatar kunnen da ya ɗan saba da harshen. Wanda kunnensa bai kai ba ya buɗe ƙamus. Ƙamus ɗin Oxford na masu koyo, wanda yake a yawancin ɗakunan malamai, yana sa kibiya mai kai biyu tsakanin karɓau da wutsiya idan ana iya raba su. Inda ka ga kibiyar, wakilin suna tsakiya zai shiga.

Wurin da abin ya fi ba ni sha'awa shi ne inda kalmomi iri ɗaya suke ba da ma'ana biyu. "He turned it on" na nufin ya kunna shi. "The dog turned on him" kuwa kare ne ya juya ya far wa mutumin. Kalmomin ba su canza ba, wurin wakilin ne ya nuna wace ma'ana ake nufi. Wanda aka ce masa ko'ina ya yi, ba zai taɓa gane wannan ba. Masu kalma uku irin put up with da look forward to ba sa rabuwa, a ƙarshe ake sa wakilin: "I can't put up with it". Su kuma this, that da something ƙa'idar ba ta ɗaure su ba, ana cewa "pick up something" ko "pick something up".

Roƙona, Malam Edita, a sake kawo darasin kafin 'yan aji shida su shiga jarrabawar kammala sakandare. A jera kowane aikatau da jimla uku, biyu da suna, ɗaya da wakili, sannan a ware look after da 'yan uwanta a gefe guda. Idan shafin yana so, ina da jimloli ashirin da ɗalibaina suka yi kuskure a kansu tare da gyaransu, zan aiko a yi amfani da su.

Wassalam,
Wani malamin Turanci, daga Katsina