Wasiƙa zuwa ga Abba a Jidda, kan kunyarka da kukan matarka

Daga Misfala, Makka.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Abba, ina fatan kana lafiya, kai da mai jego da jariri. Allah ya raya mana shi bisa tafarkin Musulunci.

Na zaɓi in rubuta maka ne domin na san idan muka zauna ido da ido za ka sunkuyar da kai ka ce “to, Umma”, maganar ta wuce ba ta shiga ba. Wannan sunkuyar da kan ma shi ne abin da zan yi magana a kansa.

Matarka ta yi kuka a gabana ranar Asabar. Ba ta ce ka zage ta ba, ba ta ce ka rage ta da ci ko sutura ba. Cewa ta yi ba ka son yaron, kuma tana jin ita ma haƙuri kawai kake yi da ita. Na tambaye ta dalili, ta kawo mini abin da ya faru ranar Juma'a a gidansu. Kun gama cin abinci, mahaifinta yana zaune, ta ɗauko jaririn ta miƙa maka tana cewa “karɓi ɗanka, ya Abu wane”, da sunan yaron a bakinta. Ka ja da baya, ka ce a ba kawunsa, ka tashi ka fita wai za ka duba mota. A hanyar komawa gida ka ce mata kada ta sake yi maka haka a gaban manya. Daga nan ba ta ƙara magana ba, kai ma ka ƙyale ta har kwana biyu.

Na san abin da ke zuciyarka a lokacin. Kano ka tashi, a hannun kakarka, inda ɗan fari ɗan kunya ne: uba ba ya kiran sunansa, ba ya ɗaukarsa yana yi masa wasa a gaban iyaye ko surukai, kuma wanda ya yi haka a ce ba shi da ta ido. A wurinka girmama surukinka ka yi. Amma ita a nan Hijaz aka haife ta, iyayenta ma a nan suka tashi. Hausa ce ta asali, Larabci ne harshen da take kuka da dariya da shi. A nan kuwa da sunan ɗan fari ake yi wa mutum ado. Da zarar an haifa wa mutum namiji ya zama Abu wane, matarsa Ummu wane, kuma kiran mutum da haka ya fi kiransa da sunan yanka daraja. Kalmar alkunya da muke faɗa daga Larabcin nan ta zo, sai dai mu muna yin alkunya don mu ɓoye suna, su kuma suna yi don su bayyana sunan ɗa. Rawani ta naɗa maka a gaban ubanta, kai kuwa ka cire ka ajiye. Abin da idonta ya gani ke nan, kuma shi mahaifin nata ya gani.

Za ka ce ai raguna biyu ka yanka ranar suna, kai ka biya asibiti, ba ka taɓa barin tukunyar gas ta ƙare ko buhun shinkafa ya kai ƙasa ba. Gaskiya ne, kuma na san da wannan kake cewa “ina son ki”. Matsalar ita ce a kunnenta wannan sunansa nafaƙa. Wajibi ne da shari'a ta ɗora maka, ko kana so ko ba ka so, kuma ta ga mazan da ba sa son matansu suna sauke shi. Don haka ba ta iya karanta so a cikinsa sai an haɗa mata da abin da ba dole ba: kalma, kallo, zama kusa. Ba butulci ba ne. Ba a koya mata karanta wannan rubutun ba, kamar yadda kai ma ba a koya maka karanta nata ba.

Domin kai ma kana yi mata mummunar fahimta, kada ka ɗauka ita kaɗai ce. Kana jin tana ce wa ƙanenta habibi, tana ce wa maƙwabciya habibti, sai ka yanke cewa kalmar ba ta da nauyi, in ta faɗa maka ma iska ce. A'a. Habibi ta yau da kullum daban, amma saurari waɗanda ba ta faɗa wa kowa sai kai, irin su “ya galbi” da “ya umri”, zuciyata da rayuwata. Haka in ta kira ka sau uku kana wurin aiki, kana ɗauka sa ido ne ko zargi. Mafi yawa ba shi ba ne. A gidansu wanda ake so ana jin muryarsa kullum, shiru kuwa alamar an ɓata ne.

Abin da ya fi yi muku ɓarna shi ne kwana biyun nan. Mu a wurinmu in mutum ya yi fushi, kawaici shi ne a kau da kai a bar shi ya huce, a ci gaba da harka kamar ba a yi ba. Kai a ganinka sarari ka ba ta. A nan idan mace ta ce ita za'alana ce, wato ranta ya ɓaci, shirun da ta yi kira ne: jira take a zo a tambaya, a rarrasa. Kowace sa'a da ta wuce ba ka zo ba, lissafa ta take a matsayin shaida cewa ɓacin ranta bai dame ka ba. Kai kana jira ta huce ka matso, ita tana jira ka matso ta huce. Da haka ƙaramar magana take kwana, ta yi tsami, har ta kai ga ɗaukar jaka zuwa gidan iyaye, a koma neman biko kan abin da minti goma zai kashe.

To ga abin da nake so ka yi, kuma ba na neman ka zubar da kunyarka. Kunya tana cikin imani. Raba ta gida biyu kawai: ta gaban mutane da ta cikin ɗaki. Ta gaban mutane ka riƙe abarka. Ta cikin ɗaki, tsakaninka da halalinka, ba ta da wurin zama, kuma addini bai nema daga gare ka ba. Amru ɗan Asi ya tambayi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, wa ya fi so cikin mutane, ya ce A'isha, a fili. Aƙra'u ɗan Habis ya gan shi yana sumbatar jikansa Hasan, ya ce shi 'ya'yansa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, aka amsa masa da cewa wanda ba ya jinƙai ba a jinƙan sa. Ka ga wajen ɗaukar ɗa da nuna masa ƙauna, al'adar matarka ta fi tamu kusa da sunna. Sai mu faɗi gaskiya ko a kanmu take.

Fara da bayani, sau ɗaya, a lokacin da babu faɗa. Bayan isha'i, yaro ya yi barci, waya a ajiye. Ka gaya mata yadda ake yi da ɗan fari a Kano, ka ce abin da ka yi ranar Juma'a girmama mahaifinta ne a irin tarbiyyarka, amma yanzu ka gane yadda ya zo mata, kuma ka ba ta haƙuri. Kada ka fara da “ai ke ce ba ki gane ba”, nan take za ta rufe kunne. Sannan ka yi mata tambaya guda: cikin abubuwan da nake yi, wanne ne yake sa ki ji ina son ki, wanne kuma kike jira ba ya zuwa? Ka ce ta faɗi biyu ko uku kawai. In ka bar ƙofar a buɗe duka, za a kwaso maka na shekara guda, ka ji kamar tuhuma ce ka tashi. Kai ma ka faɗi naka biyu.

Bayan haka sai ƙananan abubuwa na kullum, waɗanda su ne ainihin maganin. Idan ka shigo daga aiki, kafin ka nemi wanka ko ka duba waya, ba ta minti goma: sallama da fuska a sake, ka karɓi yaron daga hannunta, ka tambayi yadda ta wuni, ka tsaya ka ji amsa. Ku ci abinci a faranti ɗaya ko da sau ɗaya ne a yini. Na san ka saba a kai wa maigida nasa daban, amma ita a shimfiɗa ɗaya ta tashi tana ci da ubanta da 'yan'uwanta, kuma cinka kai kaɗai ƙyama take gani. In ka gama ka ce “tislam yaddik”, Allah ya kiyaye hannunki. Kammala cinye abinci ba yabo ba ne a wurinta sai an furta. In ta ce “wahashtani”, ta yi kewarka ke nan, kuma maganar tana da amsa kamar yadda sallama take da amsa: “wahashtini aktar”. Murmushi da “to, madalla” ba sa biya. In Larabcin ya yi maka nauyi a baki ka faɗa da Hausa, “ni ma na yi kewarki”, tana ji sarai. Kiran waya kuwa ku yanke lokaci ɗaya, misali bayan azahar, ka riƙa kira da kanka. Kira ɗaya da ka fara ya fi uku da ka amsa, za ka ga nata sun ragu.

Fushi kada ya kwana ba ka taɓa shi ba. Ba sai an warware a daren ba, ya isa ka ce “na ga ranki ya ɓaci, ban ƙyale ki ba, gobe za mu yi magana”.

Ita ma akwai nata. Idan baffanninka sun zo Umara suka sauka a gidanku, ka roƙe ta tun kafin su iso: kada ta kira sunanka a gabansu, kada ta riƙe maka hannu ko ta zauna jikinka, ta rage murya in tana yi maka magana. Ka gaya mata dalili, ka kuma ce na kwanakin baƙuncin ne kawai. A gidansu kuwa kai za ka bi nasu: ka amsa Abu wane, ka ɗauki ɗanka. Gyara a gaban mutane ko a cikin mota ana dawowa da zafin rai, shi ne ya jawo wannan, kada a maimaita.

Ga yadda za ka gane ko rashin fahimta ne ko wani abu ne daban. In saɓanin al'ada ne, za ka ga sauƙi cikin mako biyu zuwa uku da fara waɗannan: kiran zai ragu, shirun zai gajarta, za ta fara lura da gas da shinkafar ma tana godiya. In ka yi duk wannan har wata guda babu canji, ko ka ga kuka ba dalili, ba ta barci ko da yaro ya yi barci, ba ta cin abinci, tana cewa ba ta da amfani, to kada ka tsaya kan al'ada. Akwai baƙin cikin da ke kama wasu mata bayan haihuwa, ciwo ne mai magani, ka kai ta ga likita. Raini, zagi da ɗaga hannu kuma, daga kowane ɓangare, ba bambancin Kano da Hijaz ba ne, wannan sai manya sun zauna.

Juma'a mai zuwa ku fara biyawa ta gidansu kafin ku zo nan. Ka shiga da yaron a kafaɗarka, ka miƙa wa surukinka da hannunka. In kun iso Makka ku zo da wuri, kafin hanyar Harami ta cika. Ka gaishe mini da mai jego, ka ce ina nan na haɗa mata turaren wuta da yajin jego.

Wassalam,
Mahaifiyarka.