Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da ke cirar kuɗina kuma ya hana ni rufe asusuna

Zuwa ga Shugaban Sashen Kula da Abokan Hulɗa,

Assalamu alaikum.

Na rubuto muku a bainar jama'a ne domin saƙonni huɗu da na aiko ta shafinku duk amsa ɗaya suka samu. A shekarar 2021 na buɗe asusu a manhajarku ta ajiyar hotuna, na ɗaura katin bankina, kuna cirar naira 2,500 duk wata. Yau wata goma sha huɗu rabona da shiga, naira 35,000 ke nan sun tafi, kuma ranar 9 ga kowane wata sai na ji shigowar alat.

Imel ɗin da ke kan asusun wani yaro ne ya buɗe mini a shagon intanet, ban taɓa riƙe kalmar sirrinsa ba. Lambar wayar kuwa ta tafi tare da wayata da aka sace a tasha. Aiki ya kai ni Maraɗi na yi fiye da shekara, da na dawo na je a yi mini walkam bak, sai aka ce layin ya daɗe ba ya aiki, an riga an sayar wa wani. Idan na danna "Forgot password", manhajarku sai ta ce ta aika lamba shida zuwa layin da ya ƙare da 47. Na yi wa ma'aikacinku wannan bayanin dalla-dalla, ya ce in shiga asusun in canza lambar. Ranka ya daɗe, shigar ai ita ce ta gagare ni.

Akwai abin da ya fi kuɗin damuna. Na kira tsohuwar lambar, wata baiwar Allah ta ɗauka, ana jin ƙarar injin markaɗe a bayanta. Ta ce saƙonni na ta shigo mata da lambobin da ba ta san kansu ba, har ta yi tayin karanto mini. Na gode mata, na ce a'a, na kuma roƙe ta kada ta karanta wa kowa irin wannan lamba, domin da haka 'yan damfara ke yashe asusun mutane. Amma ku duba: mabuɗin asusuna yana hannun wadda ban sani ba. Ita mutuniyar kirki ce. Da mugu ne ya sayi layin, da tuni yana kallon hotunan sunan 'yata da hoton fasfona da na ajiye a ciki.

Na yarda bai kamata ku buɗe wa duk wanda ya ce asusu nasa ne ba. Sai dai dakatar da cirar kuɗi daban, shiga asusu daban, kuma na farkon ba ya buƙatar hujja mai nauyi kamar na biyun. Katin da kuke cira sunana ne a kansa. Zan ba ku lambobinsa huɗu na ƙarshe, da takardar banki mai nuna rana da adadin kowace cira tare da lambar shaidarta, da katin NIN mai suna iri ɗaya. Cikakkiyar lambar katin da lambobi ukun da ke bayansa ba zan ba kowa ba. Idan wannan bai isa ba, ku ciri naira 50 ku saka wata lamba a bayanin cirar, in karanto muku daga takardar bankina. Mai asusun bankin ne kaɗai zai iya ganinta.

Abokai sun ce in je banki in toshe katin kawai. Wannan zai tsayar da cirar, amma sai na biya kuɗin sabon kati, kuma hotunana da bayanaina za su ci gaba da zama a wurinku, ɗaure da layin wata. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ba ni ikon janye amincewata da neman a goge bayanaina.

Ina neman ku dakatar da cirar kafin ranar 9 ga wata mai zuwa, ku cire tsohuwar lambar daga asusun nan take. Bayan kun tantance ni, ku ba ni kwana bakwai in kwashe hotunana, sannan ku rufe asusun ku aiko mini da shaida a rubuce. Ku kuma mayar mini da naira 7,500 na wata uku da kuka cira bayan saƙona na farko. Idan kwana goma sha huɗu suka wuce ban ji daga mutumin da ya karanta wannan wasiƙa ba, zan kai ƙara hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, kan bayanaina, da hukumar kare haƙƙin masu sayayya, FCCPC, kan kuɗina.

Naku,
Wani abokin hulɗarku daga Zariya