Ina so in gyara hadisin ƙarya a bidiyo, amma Gwaggona ce ta turo shi

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya.

Ina koyarwa a wata Islamiyya a Zariya, kuma nakan ɗauki gajeren bidiyo in sa a WhatsApp. Duk shekara, da Sha'aban ya raba tsakiya sai saƙon nan ya dawo, wai Annabi (SAW) ya ce duk wanda ya fara sanar da wani shigowar Ramadan, wuta ta haramta gare shi. Na tambayi malamina na hadisi, ya ce babu shi a Bukhari da Muslim, babu shi a Sunan huɗu, ko isnadi ba shi da shi balle a ce mai rauni ne. Ya kuma nuna mini cewa lafazin ɗaya ne ke yawo da Rajab, sunan watan kawai ake canzawa.

Sai na haɗa bidiyon minti ɗaya. Na sa hoton saƙon, na shafe sunan mai turowa, na ja masa jan layi, sannan na karanto hadisin da ke cewa wanda ya yi wa Annabi ƙarya da gangan ya tanadi mazauninsa a wuta. Da matata ta kalla, sai ta ajiye wayar ta ce, "Duk dangi sun san Gwaggo ce ta tura, wuta kake kira mata?" Jikina ya yi sanyi. Gwaggon nan ita ta goye ni. Ba ta karanta Larabci, jikarta ce ke danna mata wayar, kuma har da muryarta ta biyo bayan saƙon tana sa mana albarka. Hadisin ya ce "da gangan", ita kuwa lada take nema.

Amma yin shiru ma ya gagare ni, don a gabatarwar Sahihu Muslim an ce ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji.

Yanzu tunanina in cire hoton da jan layin, in buɗe da cewa ni ma na taɓa tura shi (gaskiya ne, ina sakandare), in bi salon Annabi na "me ya sami wasu mutane" ba tare da kama suna ba. Sai in ba su abin da ya inganta su tura a madadinsa: idan Ramadan ya shigo ana buɗe ƙofofin Aljanna, a rufe na wuta.

Abin da ya ɗaure mini kai, Malam: in na karanto lafazin ƙaryar, wani zai iya yanke wurin ya ci gaba da yaɗawa da muryata; in ban karanto ba, yaya za a gane saƙon da nake nufi? Hadisin gargaɗin kuma, in bar shi ko in cire? Sannan Gwaggo, in fara zuwa gida in yi mata bayani kafin in saki, ko zuwan ne ma zai nuna mata da ita nake? Saura kwana 12 a fara duban wata.

Ɗalibinka,
daga Zariya