Zuwa ga Alhajin Kwari da ya tambayi ma'aunin tangal-tangal ɗin dala

"Malam, ɗana ya zuba farashin dala na kullum a kwamfuta, ya ce lissafi ya nuna watan jiya kasuwa a kwance take. Ni kuwa a watan ne jarina ya fi zubewa. Shin lissafin ne ƙarya, ko yaron ne bai iya ba? Ka yi mana bayani a bainar jama'a, don ba ni kaɗai abin ya dama ba."

Assalamu alaikum, Alhaji. Allah ya ƙara buɗi, ya mayar maka da alheri.

Mai yiwuwa yaron ya yi aikinsa daidai, kuma kai ma abin da ka gani a aljihunka gaskiya ne. Ma'aunin da ya yi amfani da shi yana auna yadda farashi ke fizge-fizge daga rana zuwa rana, bai san komai game da inda farashin ya dosa ba. Zan nuna maka da lambobi, domin in ka ga yadda ake fitar da shi da hannu sau ɗaya, ba wanda zai sake ruɗa ka da shi.

Mu ƙaddara misali. A ce farashin dala a rufewar kasuwa na kwana shida a jere shi ne naira 1,500, sai 1,515, sai 1,485, sai 1,530, sai 1,515, sai 1,575. Matakin farko shi ne a mayar da kowane motsi zuwa kashi cikin ɗari: ka cire farashin jiya daga na yau, ka raba da na jiya, ka ninka da ɗari. Daga 1,500 zuwa 1,515 ƙarin naira 15 ne, wato kashi 1. Idan muka bi sauran haka muka daidaita 'yan ɓurɓushin, za mu samu +1, −2, +3, −1, +4. Kwana shida sun ba mu canji biyar. Dalilin komawa kashi cikin ɗari kuwa a fili yake: motsin naira 15 lokacin da dala take 150 girgiza ce babba, amma a kan 1,500 abu ne da ba a ɗaga kai a kalla.

Sai a nemo matsakaicin waɗannan biyar. Jimillarsu 5, a raba biyar, ya zama 1. Yanzu a duba tazarar kowace rana da wannan matsakaici: 0, −3, +2, −2, +3. Idan ka tara su haka nan, na sama da na ƙasa za su cinye juna ka tashi da sifili, shi ya sa ake ninka kowace da kanta tukuna: 0, 9, 4, 4, 9, jimilla 26. A raba da 4, wato yawan canje-canjen a cire ɗaya, saboda samfuri ne muka ɗebo kuma daga cikinsa muka fitar da matsakaicin. An samu 6.5. Mataki na ƙarshe, a nemo lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da 6.5, ita ce kusan 2.55. To wannan 2.55 cikin ɗari shi ne ma'aunin karkata na wannan mako, kuma shi ake kira tangal-tangal ɗin kuɗi na rana. A Excel, in farashin yana layin B daga B2 zuwa B7, abin da ɗanka ya rubuta bai wuce wannan ba, sai dai zai ja lissafin C3 ƙasa har zuwa C7 don layin C ya ɗauki canje-canjen biyar; kuma tunda Excel ba ya daidaita ɓurɓushin nan, kusan 2.53 zai ba da:

```
C3: =(B3-B2)/B2*100
=STDEV.S(C3:C7)
```

A aljihu, ga abin da yake nufi. In kana shirin sayen dala 20,000 a kan 1,500, naira miliyan 30 ke nan, kuma kashi 2.55 na wannan kuɗi naira 765,000 ne. Wato a irin wannan mako, kwana ɗaya da ka jinkirta zai iya ƙara maka ko rage maka kimanin haka, ba tare da wani abin mamaki ya faru ba.

Yanzu ga mako na biyu, kuma a nan amsarka take. A ce dala ta fara daga 1,500 ɗin nan, amma kullum sai ta ƙara kashi 1 cif: 1,515, 1,530, 1,545, 1,561, 1,577. Ta ƙare kusan inda ta ƙare a makon farko, naira ta yi asara iri ɗaya. Amma canje-canjen su ne 1, 1, 1, 1, 1, matsakaicinsu 1, babu ranar da ta kauce masa ko da taku guda. Ma'aunin zai ba da sifili. Kwamfuta za ta ce kasuwa a kwance take, alhali in aka ci gaba da wannan tafiya ta kashi 1 kullum, cikin ranakun kasuwa 70 dala ta ninka kuɗinta. Lissafin da kansa ne ya cire matsakaicin ya ajiye gefe tun a mataki na biyu, kuma a cikin matsakaicin nan asararka take zaune. Ka ce wa yaron ya ƙara layi ɗaya, `=AVERAGE(C3:C7)`, ya riƙa kawo maka lambobin biyu tare, sannan ya rubuta farashin farkon wata da na ƙarshensa a gefe. Duk wanda ya kawo maka ma'aunin karkata shi kaɗai, rabin labari ya kawo.

Wani lokaci za ka ji an ce tangal-tangal ɗin kuɗi kaza kashi 8 ne ko 40 a shekara. Daga na rana ake fitar da shi, amma ba a ninkawa da yawan ranaku kai tsaye, domin hawa da sauka suna rage wa juna ƙarfi a kan hanya. Ana ninkawa ne da `SQRT` na yawan ranakun, wato lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da yawan ranakun. An saba ɗaukar ranakun kasuwa 252 a shekara, wanda ke ba da kusan 15.9, saboda haka 2.55 ɗinmu zai zama kusan kashi 40. Abin da ya fi yi maka amfani shi ne gajeren zango: in tsakanin ranar da ka yi ciniki da ranar da za ka biya akwai ranakun kasuwa 10, ka ninka da 3.16, ka samu kusan kashi 8, wato wajen naira miliyan 2.4 a kan miliyan 30 ɗin nan. Sai dai wannan ƙa'ida ta ginu ne a kan cewa motsin yau bai dogara da na jiya ba. Lokacin da tsoro ya kama kasuwa kowa ya ruga neman dala, hawan yau shi ke haifar da na gobe, kuma a irin wannan hali lissafin yana raina haɗarin. Kwana biyar ma sun yi kaɗan a gina hukunci a kansu, don sauƙin nunawa kawai na ɗauke su. Ku tara aƙalla na wata uku.

Akwai matsala ta biyu, wadda a ganina ta fi ta farko haɗari ga ɗan kasuwar Najeriya, ita ce farashin da hukuma ta riƙe. Kafin tsakiyar 2023 farashin dala na gwamnati yana ƙasa da naira 500, yana motsi kaɗan-kaɗan, yayin da a Wapa ake sayar da ita sama da 700. Wanda ya auna farashin gwamnati a watannin nan zai samu lamba 'yar ƙarama ya ce naira ta zauna. A ranar 14 ga Yuni, 2023, Babban Bankin Najeriya ya haɗe kasuwannin canjin ya saki farashi, a yini guda dala ta haura 600 a kasuwar hukuma. Babu abin da ke cikin lambobin baya da zai sanar da kai wannan. Alamar tana wani wuri dabam, a gibin da ke tsakanin farashin banki da na 'yan canji, kuma ma'aunin karkata ba ya kallon wannan gibi. Ba mu kaɗai abin ya taɓa samu ba. Babban bankin Suwizalan ya hana yuro sauka ƙasa da faran 1.20 tun Satumban 2011, farashin ya daɗe manne da wannan iyaka, sai a ranar 15 ga Janairu, 2015 bankin ya janye hannunsa ba sanarwa, faran ya yi tsalle cikin mintuna, wasu kamfanonin dillancin canji suka durƙushe. Haka sefa: a kan yuro ma'auninta sifili ne, tunda an ɗaure ta a 655.957, amma mai sayo kaya daga Maraɗi da naira sefa da naira zai auna, kuma wannan tana motsi sosai.

Bayan irin wannan tsalle lissafin yana yin wani abu da ya kamata ka gane. A ce kuna auna kwana 60 na baya, a 59 daga ciki farashi bai motsa ba, a rana ɗaya ya tashi da kashi 40. Ma'aunin zai ba da kusan 5.2, kamar dai kullum kasuwa na girgiza da kashi biyar, alhali ba a yi ko rana guda mai kama da haka ba. Zai tsaya a nan har ranar tsallen ta fita daga cikin kwana 60 ɗin, washegari ya faɗo sifili ba tare da komai ya canza a kasuwa ba. Ninka tazara da kanta da muka yi ɗazu ne ya jawo haka, domin yana ba babbar rana nauyin da ya danne sauran duka. Don haka maganar da ake yi cewa wajen kashi biyu cikin uku na ranaku suna faɗawa cikin ma'auni ɗaya sama ko ƙasa da matsakaici, ka riƙe ta da sassauci a harkar canji. Manyan ranaku sun fi yawa fiye da yadda wannan ƙiyasi yake zato.

Kafin ka yarda da lambar watan jiya, ku zauna da yaron ku duba layin C da ido. In ka ga sifili sun yi yawa, ko dai farashin da hukuma ta riƙe ya kwaso, ko ya maimaita farashin Juma'a a Asabar da Lahadi, kuma duka biyun suna danne lambar ƙasa. In ka ga hawa da sauka masu girma ɗaya suna bin juna, ƙila ya gauraya farashin saye da na sayarwa, yau wannan gobe wancan, sai ribar ɗan canji ta bayyana kamar motsin kasuwa. Ya tsaya a kasuwa ɗaya, gefe ɗaya, lokaci ɗaya a kowace rana, kuma ta kasance kasuwar da kai kake sayen dalarka a ciki. In kuwa ka tarar kusan duk lambobin layin suna ɗauke da alamar ƙari kuma girmansu ya yi kusa da juna, to watanka irin mako na biyu ne, kuma kuɗin kayan da za ka sanya wa odar gaba daga matsakaicin nan za ka fara lissafa shi, sannan ka ɗora ma'aunin karkata a kai a matsayin abin da za ka ware don ko-ta-kwana.

Ka gaishe min da yaron. Wassalam.