Wasiƙar makaranta ga iyaye: fom ɗin izinin ɗaukar yara a bidiyo

Assalamu alaikum wa rahmatullah, iyayenmu da masu riƙon ɗalibanmu. Da fatan kowa na lafiya, ya iyali, ya haƙuri da mu.

Abu ɗaya ne ya sa na rubuto wannan karon, sauran ƴan sanarwa ne suna can ƙasa. Kun dai san kwamitin walima ya yanke a ɗauki bidiyon sauka ta bana da karatun ajin hadda a ɗora a tashar makaranta ta YouTube, kuma mun ba kowane yaro fom ya kai gida tun makonni biyu da suka wuce. To har yau akwai fom ɗin da bai dawo ba, wani ma na san yana nan a ninke cikin jakar Alƙur'ani bai taɓa fitowa ba. A guruf kuma na ga masu cewa "Malam ai mun ba ku amanar yaran, ku ɗauka kawai". Mun gode da yarda, Allah Ya bar zumunci, amma amanar da kuka ba mu ta karatu ce da tarbiyya. Nuna fuskar ɗiyarka ga duniya wata magana ce daban, sai ka faɗa da bakinka.

Waɗanda suka daɗe da mu sun tuna abin da ya faru lokacin musabaƙar bara. Wani malami, da kyakkyawar niyya wallahi, ya ɗauki wata yarinya tana karatu ya sa a status, kafin magariba an tura shi guruf-guruf. Washegari da safe mahaifinta ya same ni a ofis, mutumin da ko hoton iyalinsa ba ya sawa a waya, wai a wajen abokan kasuwarsa ya fara ganin ɗiyarsa. Malamin ya goge nasa nan take, amma na wayoyin mutane fa? Babu yadda muka iya, haƙuri kawai na yi ta bayarwa. Ba na son in sake zama a kujerar nan ina ba wani uba irin wannan haƙurin.

Kuma yanzu har doka ta shigo ciki. Dokar kare bayanan mutane ta Najeriya, wadda Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023, ta ce a sashe na 31 in za a yi amfani da bayanan yaro bisa izini, to izinin daga iyaye ko mai riƙo za a karɓa, kuma yaro a nan shi ne wanda bai kai shekara 18 ba. Fuska da murya da suna duk bayanai ne. Sashe na 26 kuma ya ce yin shiru ba izini ba ne. Saboda haka mai cewa "ai ban hana ba" ya sani, wanda fom ɗinsa bai dawo ba a sahun waɗanda suka ce a'a muke lissafa shi.

Fom ɗin zaɓi uku ne, ɗaya kawai za a yi wa alama. Na farko a ɗauki fuska da murya. Na biyu murya kaɗai, wato a ji karatunsa amma kyamara tana kan allo ko kan malam. Na uku kada a ɗauke shi sam. A saman fom mun rubuta inda bidiyon zai je, tashar makaranta ce kaɗai, ba za mu ba wani ya yi talla da shi ba. Ba za mu rubuta cikakken sunan yaro ko unguwarsu a jiki ba, kuma za mu kashe wajen sharhi, don mun ga irin abin da marasa tarbiyya ke rubutawa a ƙarƙashin bidiyon ƴan mata.

Wa zai sa hannu? Nan ne ake samun matsala. Uba ko uwa ko wanda yaron ke hannunsa a riƙo. Ba yaya ba, ba mai adaidaitan da ke kawo su ba, balle yaron da kansa, don mun ga fom biyu da rubutun ƴan aji huɗu ne ƙarara, har da irin kuskuren da suke yi a jarrabawa. Inda iyaye suka rabu, in ɗaya ya yarda ɗaya ya ƙi, na wanda ya ƙi za mu bi, makaranta ba za ta shiga tsakaninku ba. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami, ko ya zo ofis a karanta masa ya dangwala. Kuma ko Baba ya sa hannu, in yarinya ta ce kunya take ji ba ta so, an bar ta.

Bari in ba ku misali da ajin hadda na ƴan mata, don a nan aka yi aikin yadda ya kamata. Yara 24 ne, fom 21 ya dawo, 15 sun yarda da fuska, 4 murya kaɗai, 2 sun ce a'a, 3 shiru. Malamar ajin, Allah Ya saka mata da alheri, ta kira lambobin nan 21 ɗaya bayan ɗaya da katinta don ta tabbatar da mai gidan ne ya cike, a haka ta gano guda ɗaya yayar yarinyar ce ta sa hannu, aka mayar aka sake. Ranar gwaji ta zaunar da 15 ɗin a gaba, huɗun a bayan mai kyamara inda za a ji su ba a gan su, sauran biyar ɗin kuma ta haɗa su da ɗaya ajin suna muraja'a, ba a bar su a tsakar gida kamar masu laifi ba. Ta kuma sauke jadawalin sunaye da ke manne a bango, abin da ni kaina ban tuna ba. Sauran malamai, musamman na ɓangaren maza, ku je ku ga yadda ake yi.

Wani ya tambaya me zai hana a ɗauki kowa daga baya a dusashe fuskar wanda bai yarda ba. E, akwai Face blur a YouTube Studio, amma yaro na juya kai ko wani ya gitta sai ya saki fuskar, kuma ba ya ɓoye murya, ga shi a unguwa kowa ya san ƙira'ar ɗan wane. Gara tun farko kada a ɗauka.

In an gama haɗawa za mu fara sa shi a Unlisted, mu turo wa iyayen da abin ya shafa su kalla na kwana uku kafin mu mayar Public. Don Allah kada a tura wa kowa a kwanakin nan, Unlisted ba kulle ba ne, duk wanda adireshin ya shiga hannunsa zai buɗe. Wanda ya canza shawara ko bayan an saki ne ya kira ofis za mu cire ɓangaren ɗansa, haƙƙinsa ne a doka, sai dai abin da wani ya riga ya sauke a wayarsa ya fi ƙarfinmu, ku san da wannan kafin ku sa hannu.

Ranar walima kuma iyaye ku ɗauki naku ɗan, kada a bi sahu da waya ana ɗaukar ƴaƴan mutane.

Fom ya dawo zuwa Laraba kafin a tashi. Kuɗin wata, masu bashi sun san kansu. Hijabin ƴan mata har yanzu wasu na zuwa da wanda ba kalar makaranta ba. Masu makara ranar Asabar, ƙofa za ta koma rufewa a kan lokaci.

Wassalam,
Shugaban makaranta