Iskar oksijin a gida: a bar lita yadda likita ya sa, a nesanta wuta

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni ɗan fili a shafin wasiƙu tun hunturu bai kankama ba. Ni ma'aikaciyar jinya ce da na yi ritaya, kuma har yanzu maƙwabta kan kira ni in duba musu tsoho ko tsohuwa da aka sallamo daga asibiti da tukunyar oksijin ko injinta. Abu biyu nake yawan tararwa: an murɗa ma'aunin iskar ba da umarnin kowa ba, ko kuma an ajiye wuta a ɗakin. Duka biyun ana yin su ne don tausayin mara lafiya.

Iskar da muke shaƙa kullum, kashi 21 cikin ɗari ne oksijin a cikinta. Aikin kayan asibiti shi ne su ɗaga wannan kason, kuma kowanne yana da yawan lita da ake buɗe masa a minti ɗaya. Robar hanci mai ƙahoni biyu, wadda aka fi sallamar mutane da ita, ana buɗe wa babba daga lita 1 zuwa 4, a wasu lokuta har 6. Tana da daɗin sha'ani, domin mutum zai ci abinci, ya yi magana, ya yi salla da ita. Amma in aka wuce nan, sai ta busar da hanci, ta jawo haɓo da ciwon kai, ba tare da wani ƙarin amfani na a zo a gani ba.

Takunkumin da ke rufe hanci da baki kuwa, ƙa'idarsa daban ce. Ba a buɗe masa ƙasa da lita 5, yawanci daga 5 zuwa 10. Dalili shi ne gurɓatacciyar iskar da mutum ke fitarwa tana taruwa a cikinsa, ƙarfin oksijin ɗin ne ke kore ta. A nan ne ake tafka kuskuren da ya fi damuna. An sallamo dattijo da robar hanci a kan lita 2. Cikin dare numfashi ya yi masa wuya, sai ɗansa ya tuna akwai takunkumi a cikin ledar kayan asibiti, ya cire robar ya ɗaura masa shi, ya bar ma'auni a kan 2 don kada tukunya ta ƙare. Yanzu dattijon yana sake shaƙar abin da ya fitar. Zai fara gumi, kansa ya yi nauyi, ya riƙa gyangyaɗi, 'yan gida su ce alhamdulillahi, Baba ya samu barci. Wannan barcin da ake tayar da mutum da ƙyar, yana magana ba kan gado, alamar a tafi asibiti ce.

Akwai kuma takunkumi mai jaka a ƙasa, na halin gaggawa, wanda ake buɗe wa lita 10 zuwa 15. Sai an bar jakar ta cika kafin a ɗaura, kuma in tana motsewa gaba ɗaya duk lokacin da mara lafiya ya ja numfashi, iskar ba ta isa ba. Wannan kayan asibiti ne. Injin da ake sayowa gida mafi yawansa iyakarsa lita 5, don haka ba zai iya ciyar da shi ba. Tukunya ma ba ta jure masa: ƙaramar da ke ɗaukar wajen lita 680 za ta kai awa biyar da minti arba'in a kan lita 2, amma a kan 15 minti 45 ne kacal. Lissafin ba wuya, a raba abin da ke cikin tukunya da litar da aka buɗe. Duk mai jinya a gida ya kamata ya san wannan kafin dare ya yi, musamman mai dogaro da inji, wanda ke tsayawa cak da zarar an ɗauke wuta.

Wani zai ce, to mene ne laifin ƙarawa, ai iska ce. Oksijin magani ne, yana da awo. Ga yawancin manya ana son ƙaramar na'urar da ake maƙalawa a yatsa don auna oksijin da ke cikin jini ta nuna 94 zuwa 98. Amma mai daɗaɗɗen ciwon huhu, irin wanda sigari ko hayaƙin icen girki na shekaru ya jawo, likita kan tsayar da shi a 88 zuwa 92, domin in aka cika masa oksijin, gurɓatacciyar iska na iya taruwa a jininsa har ya fita hayyacinsa. Jariri sabon haihuwa rabin lita zuwa lita ɗaya ake ba shi ta robar hanci, kuma yawan oksijin yana lalata idon bakwaini. Ma'aunin da ke da 'yar ƙwallo a cikin gilashi, a tsakiyar ƙwallon ake karantawa, ido daidai da ita. In kuma hannun mara lafiya ya yi sanyi ƙalau, na'urar yatsa na iya nuna abin da ba daidai ba, sai a ɗumama hannun a sake gwadawa.

Sai maganar wuta. Oksijin ba ya ci da kansa, amma yana sa duk abin da ke ci ya ci da sauri da zafi, kamar yadda mafici ke yi wa garwashi. Kuma ba duk abin da ke fitowa daga roba ne ke shiga huhu ba. Saura yana shiga gemu, gashi, mayafi, bargo da katifa ya zauna. Tartsatsin da a da zai ɗan huda zane ya mutu, yanzu zai tashi da bargon gaba ɗaya, ita kanta robar ta kama ta bi har fuska. A watan Afrilun 2021, gobarar da ta tashi daga tukwanen oksijin a asibitin Ibn al-Khatib da ke Bagadaza ta kashe mutum sama da 80.

A gidajenmu ba sigari kaɗai ba ne abin tsoro. Kaskon garwashi ne da ake shigowa da shi don tsohuwa ta ji ɗumi, da turaren wuta da ake yi don ɗakin mara lafiya ya yi ƙamshi kafin 'yan dubiya su zo, da igiyar leƙo a ƙarƙashin gado, da kyandir ko fitilar ƙwai in an ɗauke wuta. Na shiga ɗakin da tukunya ke jingine a bango, kasko yana taku biyu daga ita, jika yana fifita shi. Ƙa'ida ita ce a bar aƙalla mita 3 tsakanin oksijin da duk wata wuta, ni kuwa nakan ce wa mutane a fitar da wutar daga ɗakin kawai, a ƙara bargo da safa, a kunna tocila. In mara lafiya zai matsa kusa da murhu, a rufe iskar, ya dakata kamar rabin awa a inda iska ke kaɗawa, kayan jikinsa su sake abin da suka riƙe.

Mai ma haka. Hanci da leɓe suna tsagewa a hunturu, hannu kuma yakan kai ga basilin ko man kaɗanya. Maiƙo da oksijin ba sa haɗuwa, don haka a tambayi mai kemis man da aka yi da ruwa. Kada a taɓa bakin tukunya da hannu mai maiƙo, kada kuma a ɗiga wa makunninta man inji don ya yi tauri. A tsayar da ita a ɗaure, nesa da janareta da rana, a bar taga a ɗan buɗe.

Roƙona ga jaridarku shi ne ku tambayi asibitoci da masu sayar da tukwanen nan, me zai hana duk wanda aka ba oksijin ya tafi gida da takarda da Hausa, mai ɗauke da irin robar da aka sa masa, lita nawa, awa nawa a rana, da lambar da na'urar yatsa za ta nuna a garzayo asibiti.

Na gode.

Wata ma'aikaciyar jinya mai ritaya,
Kano